Jingar jinyar ƙarshen rai: majinyaciya ta daina haɗiya, 'ya'yanta sun rabu biyu

Autar Hajiya: Assalamu alaikum 'yan uwa da iyayenmu na wannan zaure. Don Allah a taimaka min da jingar da aka ba mu, ranar Litinin za mu miƙa. Ga labarin da malamar ta rubuto: mace ce mai shekara 58, sankarar mama ta yaɗu zuwa ƙashi da huhu. Tana shan mofin na ruwa miligiram 10 duk awa huɗu, jiya kuma sai da aka ƙara mata sau uku a tsakani saboda ciwo. Yau ta wayi gari ba ta iya haɗiya sosai, barci ya yi yawa, ƙirjinta ya fara kakari. Babban ɗanta ya ce kada a kuskura a gaya mata komai, kuma a ɗaura mata ƙarin ruwa tunda ta daina ci. 'Yarta kuma ta ce mofin ɗin ne yake kashe uwarsu, a tsayar da shi. An ce mu rubuta tsarin kula da alamomin ciwon, sannan yadda za mu yi magana da iyalin. Na raba shi gida biyu, magunguna a gaba, magana da iyali a baya, amma lissafin mofin ɗin ya ɗaure min kai.

Baban Yara: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ai wannan mai sauƙi ne. Tunda ba ta haɗiya, sai a mayar da shi allura. Miligiram 10 ɗin da take sha a yi mata shi a jijiya duk awa huɗu, kakarin kuma a kawo injin zuƙa a zuƙe mata. Mu a sashen gaggawa haka muke yi ba ɓata lokaci. In mofin ya yanke a famasi, ga fentazosin nan.

Ɗan Famasi: Yallaɓai Baban Yara, a yi haƙuri zan ɗan ja da kai. Komawa allura daidai ne, amma adadin ba haka yake tafiya ba. Mofin da aka sha ta baki, hanta tana cinye kaso mai yawa kafin ya isa jini, shi ya sa na allura ya fi ƙarfi. In za a koma ƙarƙashin fata, raba shi biyu ake yi. In jijiya ce ma wasu uku suke rabawa.

Auta, ɗauko biro. Miligiram 10 sau shida a yini, 60 ke nan. Ƙarin da aka yi mata sau uku, in kowanne 10 ne, ya zama 30. To abin da jikinta ya buƙata jiya 90 ne ta baki. Raba biyu, 45 a ƙarƙashin fata cikin awa 24. Raba wannan gida shida, 7.5 duk awa huɗu. Na ko-ta-kwana, wanda ake bayarwa in ciwo ya taso a tsakani, shi ma kashi ɗaya cikin shida ne na jimillar, wato 7.5 ɗin dai.

Fentazosin kuma don girman Allah kada ki saka shi a jingarki. Wurin da mofin yake kamawa a jiki shi ma can yake zuwa, yana iya ture shi, sai ciwon ya dawo sabo, ga ruɗewa da gane-gane da yake jawowa. Wanda ya daɗe a kan mofin ba a yi masa shi.

Baban Yara: To ai 7.5 da 10 ba wani nisa ba ne.

Ɗan Famasi: 10 a jijiya daidai yake da ta sha 20 ko 30 a baki lokaci guda. Ka ninka mata ke nan ba ka sani ba.

Anti Sista: Lissafin Ɗan Famasi ya fita. Amma Auta, in kika rubuta 45 kika ja layi, da ni ce malamarki rabin maki zan ba ki. Kafin ki tattara ƙarin nan uku ki zuba su cikin jimilla, akwai tambayoyin da nas take yi, kuma su ne ainihin aikinmu, don rubuta magani na likita ne.

Da farko, ƙarin da aka yi mata jiya ya yi aiki kuwa? In an ba ta, bayan rabin awa goshinta ya saki, ta daina nishi, to ciwo ne kuma mofin yana jin sa. In an ba ta sau uku tana nan tana mutsu-mutsu tana jan zani, to wataƙila ba ciwon sankara ba ne. Ki ɗora hannu a mararta. Sau da yawa mafitsara ce ta cika tam, fitsari ya ƙi fita, kina saka robar fitsari sai ki ga mace ta yi lamo ta kama barci. Ki duba kuma yaushe rabonta da bayan gida, don mofin yana ɗaure ciki, kuma wannan illar ba ta wucewa da sabo kamar tashin zuciya. Wanda bahaya ya cushe masa ba ya iya kwanciya lafiya, a yi ta ƙara masa mofin ana ƙara cushe shi.

Sai kuma lokacin da ciwon yake tasowa. In sai an zo juya ta ko an zo gyara mata shimfiɗa take ƙara, wannan ciwon ƙashi ne na motsi. Maganinsa a ba ta na ko-ta-kwana kafin a taɓa ta, a jira ya kama, ba a ɗaga na yini gaba ɗaya ba, don in aka ɗaga, lokacin da take kwance shiru sai ya yi mata yawa.

Sannan fitsarinta nawa ne a yini? Ƙoda ce take fitar da abin da mofin ya rikiɗe ya zama a jiki. In ƙoda ta fara gazawa, kuma a kwanakin ƙarshe takan gaza, sai ya taru. A nan ragewa ake yi ko a tsawaita tazara zuwa awa shida ko takwas, ba ƙari ba.

Autar Hajiya: Na gode Anti, Allah ya ƙara girma. To ta yaya zan bambance barcin da mofin ya jawo da barcin da yake na ƙarasowar lokaci? Don a nan ne 'yar take da hujja, ni ma da na karanta sai da na ce anya ba gaskiyarta ba ce.

Anti Sista: Tambayar da ya kamata ke nan, kuma kada ki rubuta cewa 'yar jahilci ne ya sa ta faɗa. Wani lokacin mai jinya ta riga mu gani.

Ki tsaya da agogo ki ƙirga numfashi minti ɗaya cur, ba sakan goma sha biyar ki ninka ba. Wanda mofin ya yi wa yawa numfashinsa yakan yi ƙasa sosai, ya sauka ƙasa da takwas a minti, a hankali kuma kusan bai ɗaya. Ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, hannu ko ƙafa su riƙa zabura da kansu, wani ya riƙa ganin abubuwa a bango. Kuma yawanci za ki tarar an ɗaga maganin kwanan nan, ko fitsari ya ragu. Ƙwayar ido kaɗai ba hujja ba ce, duk mai shan mofin tasa a ɗan tsuke take.

Na ajali kuwa tafiyarsa daban. Kwana da kwanaki ana ganin ci yana raguwa, magana tana raguwa, barci yana ƙaruwa. Numfashi ya yi sauri da zurfi, ya lafa, ya tsaya na ɗan lokaci har mai jinya ta miƙe tsaye, sannan ya dawo. Tafin ƙafa da gwiwoyi su yi sanyi, launinsu ya sauya. Matar jingarki ta daɗe a kan miligiram 10 ba abin da ya same ta, ga haɗiya ta tafi, ga kakari, don haka ya fi kama da wannan. Amma ki rubuta cewa kin duba, ki faɗi abin da kika duba.

Kuma ko da ya yi yawa, ba a tsayar da shi cak a ce an gama. Jikin da ya saba, in aka yanke masa rana ɗaya, ciwon zai dawo da gumi da murɗawar ciki da firgita, a daidai lokacin da ba ta da bakin da za ta ce wayyo.

Malam Na Zaure: Salamu alaikum. Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, matata ce nas take shiga nan da wayata. Amma abin da nake karantawa ya tayar min da hankali. Kuna lissafin allurar da za a yi wa mara lafiya ta yi barci har ta cika? Wannan ai shi ne abin da ake yi a wasu ƙasashen Turai, kuma haramun ne. Rai na Allah ne, ba a gaggauta shi.

Ɗan Famasi: Allah ya gafarta Malam, ba wannan ake magana ba. Wancan ana ba da magani ne da nufin a kashe. Nan ana auna daidai abin da zai kwantar da ciwo ne, shi ya sa ka ga muna ta ja-in-ja a kan 7.5 da 10. Da kisa ake nufi ai ba a tsaya wannan ƙididdigar ba. Mofin da aka ɗaga a hankali gwargwadon ciwo ba ya yanke kwana.

Malam Na Zaure: To na ji. Amma in ya gusar mata da hankali ta kasa kalmar shahada fa? Ku ma ku duba wannan.

Anti Sista: Wannan kam magana ce, Malam, kuma iyalai suna yi mana ita. Abin da na gani a gefen gado shi ne, wanda ciwo yake nuƙurƙusa ba ya jin mai laƙƙana masa, ihu yake. Wanda aka kwantar wa da ciwo shi ne za ka ga leɓensa yana motsi in an yi salati kusa da kunnensa. Amma akwai majinyacin da zai ce a rage min, gara in ji ɗan ciwo in san inda nake. In ya faɗa da bakinsa ana bi masa. Shi ya sa ake so a tambayi mutum tun yana iya magana.

Maman 'Yan Biyu: Ni maganar injin zuƙa ce ta tsaya min. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a wani asibiti ta cika. Daren ƙarshe ƙirjinta yana ta gurgur, muka tayar da hankalin ma'aikata, aka kawo injin. Duk sanda aka zura robar sai ta zabura, idonta ya kawo ruwa, har da jini-jini a robar, kuma bayan minti kaɗan ƙarar ta dawo. Ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga abin da ke faruwa. Yayarmu har yau tana cewa shaƙewa Inna ta yi. Ni da na zo na karanci jinya daga baya ne na gane.

Baban Yara: Allah ya jiƙanta da rahama. Amma fa in ba ka zuƙa ba, 'yan uwa cewa za su yi ka zuba ido ba ka yi komai ba. Mu da muke karɓar zagi mun sani.

Anti Sista: Allah ya gafarta wa Inna. Baban Yara, gaskiyarka, za su faɗa, in dai ba ka riga su magana ba. Auta, a nan ne nake so ki sake tsarin jingarki. Raba ta gida biyu da kika yi, magani daban, iyali daban, shi ne abin da ya faru da su Maman 'Yan Biyu. Ni shawarata, kowace alama ki rubuta abin da za ki yi, a ƙarƙashinsa ki rubuta abin da za ki ce, kuma faɗar ta riga yin.

Ɗauki kakarin. Yawu ne da majina da mutum ya saba haɗiyewa ba ya ma sani, yanzu ƙarfin haɗiya da tari ya tafi, sai suka kwanta a maƙogwaro iska tana bi ta cikinsu. Abin yi: a juya ta gefe, a ɗan ɗaga kan gado, abin da ya gangaro baki a goge da tsumma mai laushi, in za a zuƙa to iyakar cikin baki. Likita yana iya rubuta hayosin, wanda aka fi sani da baskofan, miligiram 20 a ƙarƙashin fata. Yana rage sabon yawu ne, ba ya busar da wanda ya riga ya taru, don haka da wuri yake da amfani, ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma yana busar da baki yana iya riƙe fitsari. Abin faɗa kuwa, tun ƙarar tana ƙasa-ƙasa: "Hajiya, za ku ji ƙirjin Mama yana ƙara, zai ma iya fin haka. Ba shaƙewa take ba. Ku dubi goshinta, ku dubi hannunta, a sake suke. Mu da ke jin ƙarar ta fi damu." Sai ki kama hannun 'yar ki nuna mata yadda ake juyawar.

Allurar mofin ma haka. Tunda duk awa huɗu ake yi, dole wata rana wata allura ta zama ita ce ta ƙarshe, kuma duk wanda bai ji bayani ba zai ce ita ce. To ki faɗa tun yau: "Wannan maganin da take sha ne muka mayar ta fata saboda ba ta haɗiya. Jikin ya yi nisa, lokaci yana iya zuwa ko an yi allura ko ba a yi ba. Muna yi ne don kada ya same ta cikin azaba." Kuma ƙaramar allura mai fiffike ake sakawa a bar ta a fata kwanaki, ba a yi ta huda ta ba. Kada a saka a hannun da ya kumbura na ɓangaren da sankarar take.

Autar Hajiya: Wallahi Anti kin buɗe min ido. Saura ƙarin ruwan. Na rubuta cewa za mu ƙi saboda ba shi da amfani.

Ɗan Famasi: Kalmar "ƙi" ɗin nan za ta jawo miki faɗa a wodi.

Anti Sista: Sosai. Ɗan ba ruwa yake nema ba, so yake ya ga bai bar uwarsa da yunwa da ƙishi ba, kada gobe dangi su ce ya yi ƙyashin kuɗin leda biyu. Ki fara da tambayarsa me yake tsoro. Sannan ki gaya masa ba rashin ci ne ya kawo ta nan ba, ciwon ne ya kai inda jiki ba ya karɓa. Mai sankara a huhu in aka yi ta ɗura mata ruwa yana iya taruwa a ƙafafu da ƙirji, numfashi ya ƙara wuya, kakarin ya ƙaru. Abin da yake damunta bushewar baki ne, kuma wannan su za su fi mu iyawa: auduga ko tsumma mai tsabta a jiƙa a shafa mata a harshe da dasashi akai-akai, a shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe. In suna da zamzam a jiƙa da shi. Masu kawo rubutu ma ba na korarsu, cewa nake a ɗiga a leɓe, kada a ɗura mata da cokali ta sarƙe.

In ya dage, ana iya daidaitawa da likita a gwada kaɗan, kamar rabin lita zuwa lita ɗaya cikin awa 24, da sharaɗin da aka faɗa tun farko: in ƙafa ta kumbura ko ƙirji ya ƙara cika, za a cire. Da yawa su da kansu suke cewa a cire.

Baban Yara: Ni duk na yarda, amma maganar kada a gaya mata, ɗan yana da gaskiya. A nan ba Landan ba ne. Ka ce wa tsohuwa za ta mutu, ka karya mata zuciya, dangi su ce kai ne Allah? Littattafan nan da ake koya musu duk daga wajen su Cicely Saunders aka kwaso, wadda ta buɗe asibitin jinyar ƙarshen rai a can a 1967, mutanensu daban namu daban.

Maman 'Yan Biyu: Yaya, Inna ta sani sarai. Mu muna ɓoye mata, ita tana ɓoye mana. Ashe ta kira ƙanwarta a ɓoye ta lissafa mata bashin adashi da wanda za a ba ɗan kunnenta. Mu 'ya'yanta ba mu samu mun nemi gafararta yadda ya kamata ba, muna ta "za ki tashi Inna".

Malam Na Zaure: Wannan kuma a addini ma akwai gyara. Wasiyya da biyan bashi da neman yafiya ba sa yiwuwa in an rufe mutum. Ba a ce a yanke masa rana ba, wannan sanin Allah ne.

Anti Sista: Ba wanda ya ce a tsaya a kanta a ce Hajiya kwananki uku. Ko likita ba ya sanin wannan, iyaka mu ce wa iyali muna ganin kwanaki ne ba makonni ba, wanda yake nesa a kira shi yanzu. Abin da nake yi da irin ɗan nan, in ja shi gefe, a zaune, ba a baranda mutane suna wucewa ba, in ce: "Alhaji, ka fi ni sanin Mama. Ba zan je in ɗora mata abin da ba ta tambaya ba. Amma in ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Ka yarda mu shiga tare in tambaye ta yadda take ganin jikin?" Sau tari da ka ce "Mama, yaya kike ganin jikin nan?" sai ta ce "Ai ni na san tafiya ce, ku kira min wane." Wata kuma ta ce "Ku yi magana da Alhaji, shi ya sani." Wannan ma amsa ce, ta zaɓa, sai a bar ta.

Matar jingar ma barci ya fara cin ta. In za a yi, yau ne, a lokacin da ta ɗan farfaɗo.

Baban Yara: In ɗan ya ce a'a fa? Ya ce ko tambayar kada a yi, shi ke biyan kuɗi, in an matsa zai ɗauke ta?

Anti Sista: Yana faruwa. Ba ni da amsar da za ta gamsar da kowa. Ni dai ba na yin ƙarya in ta tambaya, kuma ina sanar da likita da matiron tun kafin a kai nan.

Baban Yara: To ni a nan ina tare da ɗan. Ka rasa amincewarsa, ya kai ta gida ba mofin ba komai, wa ka taimaka?

Ɗan Famasi: Tunda an ambaci gida, Auta ki saka sakin layi ɗaya a kai, don da yawa za su ce a ba su ita ta cika a ɗakinta. A gida ba mai yin allura duk awa huɗu. Mofin na ruwa akan haɗa mai miligiram 5 a mililita 5, da mai ƙarfi, 50 a mililita 5. Ita da take buƙatar 15 ta baki duk awa huɗu, wato 90 ɗin nan a raba gida shida, mai raunin mililita 15 ne, ba za ta iya ba. Mai ƙarfin mililita ɗaya da rabi ne kacal, a ja a sirinji marar allura a ɗiga a hankali cikin kumatu tana kwance a gefe. Bai kai allura tabbas ba, amma ya fi babu nesa. A nuna wa mutum ɗaya, a yi masa alama a jikin sirinjin, a rubuta masa lokutan, kwalbar kuma a ɓoye ta daga yara da samarin gida.

Autar Hajiya: Na kwafe duka. Zan sake shi alama bayan alama yadda Anti ta ce. Tambaya ɗaya ta rage: a wurin maganar gaya mata, in rubuta matsayin Anti kawai, ko in kawo na Baban Yara ma? Shafi huɗu aka ce kada mu wuce.

Anti Sista: Kawo duka biyun, ki faɗi wanda kika ɗauka da dalilinki. Ki rage tarihin da na san kin cika shafin farko da shi. Kuma ki koma ki tambayi malamarku ko ƙarin nan uku kowanne miligiram 10 ne, don labarin bai faɗa ba, mu ne muka ɗauka haka. In 5 ne, jimillar 75 ce ba 90 ba, sai ki sake lissafin daga nan.